Yadda Ake Gano Yawan Ƙarfe a Ruwan Burtsatse da Layin Kalibreshan

Akwai ruwan burtsatsen da idan aka buga shi zai fito garau kamar hawaye, amma da ya kwana a bokiti sai ka tarar ya koma ja-ja, ya ɓata farar riga, ya bar tsatsa a gindin randa. Ƙarfe ne narke a cikinsa. Mai rijiyar ya riga ya sani, abin da yake so daga ɗakin gwaji shi ne adadi: miligiram nawa ne a kowace lita? Da wannan ruwan zan bi aikin daga farko har ƙarshe, domin wanda ya iya shi a kan ƙarfe ya iya shi a kan fosfet ko furotin, magungunan da ake zubawa da saitin na'ura ne suke canzawa.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu. Na'urar auna haske, wato sifektirofotomita, ba ta san ƙarfe ba, ba ta kuma san miligiram ba. Haske take harbawa ta cikin ruwa ta ƙirga nawa ya wuce, sannan ta ba ka lamba da ake kira absobans, ma'aunin hasken da ruwan ya shanye. Kai ne za ka koya mata ma'anar lambar, ta hanyar nuna mata ruwan da ka riga ka san ƙarfinsa. Waɗannan su ne sitanda. Dokar Beer da Lambert ta ce idan ruwan bai cika ƙarfi ba, ninka abin da ke cikinsa yana ninka absobans, don haka ɗigogin sitanda suke jeruwa a kan miƙaƙƙen layi, wanda ake kira layin kalibreshan. Amsarka ba za ta taɓa fin sitandarka kyau ba, kuma layin ba ya magana sai a kan tsakanin inda ka gwada.

Yadda ake ba ruwan launi

Ƙarfe kaɗan a ruwa ba shi da launin da na'ura za ta kama, sai an ba shi. Ana amfani da fenantirolin, wanda guda uku nasa suke kama ƙwayar Fe²⁺ ɗaya su ba da launin ja mai ruwan lemo. Wannan launi ya fi shan haske a nanomita 510, nan za ka saita na'urar. Fenantirolin ba ya ba da wannan launin da Fe³⁺, shi ya sa ake fara zuba haidiroksilamin ya mayar da duk ƙarfen zuwa Fe²⁺. Na uku shi ne sodiyam asitet, mai rage kaifin asid, domin launin yana tsayawa daram ne idan pH yana tsakanin 3 da 9.

Haɗa su kamar haka: haidiroksilamin haidirokulorayid giram 10 a tataccen ruwa mililita 100, sodiyam asitet shi ma giram 10 a mililita 100, fenantirolin kuwa giram 0.1 a mililita 100. Na ƙarshen yana da taurin narkewa, ka ɗan ɗumama ruwan kana juyawa, kada ya tafasa.

Kafin komai, wanke kayan gilashi da asid mai ruwa-ruwa, ka ɗauraye da tataccen ruwa sau uku. Jar ƙasar nan tamu cike take da ƙarfe, kuma a lokacin hunturu ƙura ba ta neman izinin shiga ɗaki. Filas ɗin da ya kwana a buɗe a kan benci yana iya ƙara maka ƙarfen da bai fito daga rijiyar kowa ba.

Sitanda, inda aikin yake

Nan ne zan daɗe, don nan ne yawancin amsoshi suke lalacewa ba tare da mai su ya sani ba.

Gishirin da ake aunawa shi ne Fe(NH₄)₂(SO₄)₂·6H₂O, wanda ake kira gishirin Mohr. Duba shi kafin ka auna: mai kyau launinsa kore-kore ne mai haske, idan ya fara komawa ruwan ƙasa to ya sha iska, nemi wani. Nauyin mol ɗinsa giram 392.14 ne, ƙarfen da ke ciki kuma 55.85, wato kusan kashi 14.24 cikin ɗari. Saboda haka giram 0.7022 na gishirin yana ɗauke da giram 0.1000 na ƙarfe. Narkar da shi a tataccen ruwan da ka riga ka zuba wa asid na salfa kamar mililita 2, ka cika zuwa zanen filas mai lita ɗaya. Ka sami uwar sitanda mai 100 mg/L. Asid ɗin yana hana ƙarfen tsatsa ya kwanta. A tuna, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Ba dole sai sikeli ya tsaya a 0.7022 cif ba. Idan ya nuna 0.7080, kada ka ɓata rabin awa kana tsince ƙwayoyi da cokali. Rubuta abin da ka gani, ka lissafa: 0.7080 sau 0.1424 ya ba da giram 0.1008, uwar sitandarka 100.8 mg/L ke nan, kuma da wannan lambar za ka ci gaba. Laifin shi ne ka auna 0.7080 ka rubuta 100.

Daga uwar, ɗebi mililita 10 da fifet zuwa filas mai 100, ka cika. Wannan shi ne ruwan aiki, 10 mg/L, kuma ranar da za a yi gwaji ake haɗa shi.

Yanzu jera filas shida masu mililita 50, ka rubuta wa kowanne lamba tun kafin ka zuba komai. Zuba ruwan aiki mililita 0, 2.5, 5, 10, 15 da 20. Lissafin shi ne C₁V₁ = C₂V₂: mililita 10 na ruwa mai 10 mg/L idan ya bazu a mililita 50 ya zama 2 mg/L. Jerin zai ba ka 0, 0.5, 1, 2, 3 da 4 mg/L. Kowanne ka ɗebo shi kai tsaye daga ruwan aiki. Ban son a riƙa haɗa na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, domin kuskuren farko yana bin zuri'ar gaba ɗaya.

A kowane filas zuba haidiroksilamin mililita 1, ka girgiza, sai fenantirolin mililita 5, sai asitet mililita 5. Cika da tataccen ruwa har ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kan zane, idonka daidai da zanen. Toshe, ka kifa ka tayar kamar sau goma. Girgiza wuyan filas kaɗai ba ya gauraya abin da ke ciki. A bar su minti 15 launi ya nuna.

Filas na farko, wanda babu ƙarfe, shi ne bilan. Ba tataccen ruwa zalla ba ne, duk magungunan suna ciki. Amfaninsa ya ɗauke ɗan launin da magungunan da gilashin suka kawo da kansu, kada a ɗora wa rijiya laifinsu.

Ruwan da ake tuhuma

Aikinsa ya fara tun a bakin rijiya. A bar famfo ya zuba na 'yan mintuna don ruwan da ya kwana a bututu ya wuce, a cika kwalbar roba mai tsabta, nan take a zuba asid haidirokulorik mai ƙarfi kamar mililita 1 zuwa 2 a lita, a duba da takardar pH a ga ya sauka zuwa 2 ko ƙasa. Idan ba a yi haka ba, abin da ke faruwa a bokiti shi zai faru a kwalba: ƙarfen zai sha iska ya manne a jikin roba, ka auna ruwan da ya riga ya zubar da rabin kayansa.

Ɗebi mililita 25 zuwa filas mai 50, ka yi masa duk abin da ka yi wa sitanda, da magunguna iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Yi filas biyu. Sannan ka ƙara na uku wanda za ka zuba wa komai ban da fenantirolin. Na'ura ba ta bambanta hasken da launi ya shanye da wanda gurɓata ta watsar, don haka wannan na ukun zai gaya maka nawa ne rabon laka da launin asali a cikin karatun.

Karatu

Kunna na'urar ta yi minti 15 zuwa 30 fitilarta ta daidaita. Saita 510 nm, sa bilan, danna sifili. Kubet ɗaya, wato ɗan mazubin da ake sa ruwa a cikin na'urar, mai faɗin santimita 1 za ka yi amfani da shi ga kowa, fuskarsa ɗaya kullum tana kallon haske. Riƙe shi ta ɓangaren da ba ya sheƙi, goge waje da takarda mai laushi, ka ɗaga shi ka duba ko akwai kumfa manne a ciki. Fara daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, kana ɗauraye kubet ɗin sau biyu da ruwan da zai shiga. Bayan ka gama, mayar da bilan. Idan ya kauce daga sifili da fiye da 0.003 ko makamancin haka, na'urar ta zame a tsakiyar aiki, sake karantawa. In kuma an ɗauke wuta aka tayar da janareta, ɗauka ba ka fara ba: jira ta sake ɗumi, sake sifili, sake karanta kowa. Launin yana daɗewa bai dushe ba, ba abin da za ka yi asara sai lokaci.

A ce ga abin da muka samu:

| Ƙarfe (mg/L) | Absobans |
|---|---|
| 0 | 0.000 |
| 0.5 | 0.104 |
| 1 | 0.201 |
| 2 | 0.402 |
| 3 | 0.596 |
| 4 | 0.795 |

Ja layin

Fara zana ɗigogin ka kalle su da ido kafin ka taɓa lissafi. Yawan ƙarfe a layin kwance, absobans a na tsaye. A Excel zaɓi XY Scatter. Wanda ake kira Line yana jera ɗigogi da tazara ɗaya, sai ya nuna maka tsakanin 0.5 da 1 daidai da tsakanin 3 da 4, ya karya maka layin da ba shi da laifi.

Layin da muke nema shi ne A = mC + c, inda A yake absobans, babban C kuma yawan ƙarfe. Harafin m shi ne hawan layin, wato nawa absobans yake ƙaruwa idan ƙarfe ya ƙaru da 1 mg/L. Ƙaramin c kuma shi ne inda layin ya yanki layin tsaye. Idan ƙarfe yana A2 zuwa A7, absobans yana B2 zuwa B7:

```
=SLOPE(B2:B7,A2:A7)
=INTERCEPT(B2:B7,A2:A7)
=RSQ(B2:B7,A2:A7)
```

Lura da cewa B ne a gaba. Idan ka juya su, Excel ba zai yi ƙorafi ba, zai ba ka lamba kusan 5 maimakon 0.2.

Ina so kowane ɗalibi ya yi shi da hannu ko sau ɗaya ne, don ya san abin da kwamfuta take yi a ɓoye. Ɗigogi shida ne. Jimlar x ita ce 10.5, jimlar y 2.098, jimlar x² 30.25, jimlar xy kuma 6.025.

```
m = (6×6.025 − 10.5×2.098) / (6×30.25 − 10.5²) = 0.1982
c = (2.098 − 0.1982×10.5) / 6 = 0.0028
```

Layinmu ke nan: A = 0.1982C + 0.0028.

Kafin ka yarda da shi, yi masa tambayoyi. Ta farko, hawan ya yi kama da abin da aka sani? Ƙarfin shan haske na wannan launi kusan 11,100 ne ga kowane mol a lita a santimita ɗaya, wanda idan ka raba da 55,850 zai ba ka kusan 0.199 ga kowane 1 mg/L. Namu 0.198, lafiya lau. Da mun ga 0.15, da sai mu zargi gishirin, ko saitin 510, ko haidiroksilamin da ya tsufa. Ta biyu, c yana kusa da sifili? Namu 0.0028 ƙarami ne. Da ya kai 0.03, da akwai magana a kan bilan ko kubet. Kada ka tilasta wa layin ya bi ta sifili don ya yi kyau a rahoto, domin wannan ɗan c ɗin shaida ne, goge shi ɓoye shaida ne.

Ta uku ita ce wadda ake tsallakewa. R² namu, wato lambar da RSQ yake bayarwa mai nuna yadda ɗigogi suka bi layin, ya haura 0.9999, kuma da yawa daga nan suke rufe littafi. To duba wannan. A ce ɗigogi biyu na ƙarshe sun karanta 0.590 da 0.765, sauran suna nan yadda suke. Layin ya fara sunkuyawa a sama, amma R² zai fito 0.9993, lambar da kowane malami zai sa wa hannu. Abin da zai tona asiri shi ne ragowa: ga kowane ɗigo, cire abin da layin ya yi hasashe daga abin da ka karanta. A layinmu na gaskiya ragowar ita ce −0.003, +0.002, 0.000, +0.003, −0.001, −0.001, ƙanana kuma a warwatse. A lanƙwasasshen kuwa za ka ga −0.008 a farko, tsakiya duk ta haye sama har +0.010, ƙarshe ya faɗo −0.010. Ƙasa, sama, ƙasa: baka ce aka ɗora wa sanda. Idan ka ga haka, rage iyakar sama ka sake ja. Idan kuma ɗigo ɗaya ne tak ya yi tsalle ya bar 'yan uwansa, sake haɗa wannan filas ɗin. Ba a share ɗigo don kawai ya ɓata hoto.

Fitar da amsa

Filas biyu na ruwan rijiya sun karanta 0.339 da 0.343, matsakaicinsu 0.341. Na ukun, marar fenantirolin, ya karanta 0.012. Absobans na ƙarfe zalla shi ne 0.341 − 0.012 = 0.329. Juya layin:

```
C = (A − c) / m = (0.329 − 0.0028) / 0.1982 = 1.646 mg/L
```

Lambar ta faɗa tsakanin sitanda mai 1 mg/L da mai 2 mg/L, tsakiyar gida, inda layin ya fi ƙarfi. Amma wannan ƙarfin abin da ke cikin filas ne. Mun ɗebi mililita 25 muka mayar da shi 50, mun raba ƙarfinsa biyu, don haka sai a ninka da 50/25:

```
1.646 × 2 = 3.29 mg/L
```

Na taɓa duba rahoton wasu ɗalibai da suka yi komai tsaf, layinsu abin sha'awa, suka rubuta amsar filas a matsayin amsar rijiya. Na tambayi shugabarsu, "Ruwan nawa kika ɗeba?" Ta ce, "Ashirin da biyar, Malam." Na ce, "A filas mai nawa?" Ba ta amsa ba, sai ta kama baki ta jawo biro. Tun daga ranar nake sa a rubuta adadin da aka ɗeba a jikin filas ɗin kansa.

A rahoto rubuta 3.3 mg/L, ko 3.29 in ka matsa. Kalkuleta zai zubo maka lambobi takwas, amma filas biyunka sun saɓa da 0.004, wanda ya kai kusan 0.04 mg/L a ruwan rijiyar, to lamba ta uku bayan ɗigo ado ce kawai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar ƙarfe a 0.3 mg/L, wannan rijiya ta ninka shi kusan sau goma sha ɗaya. Ba mamaki farar riga ta sha wahala.

Idan ruwan ya fi ƙarfin layin

A ce wata rijiyar ta karanta 1.42, alhali babbar sitandarmu ta tsaya a 0.795. Lissafi ba zai ƙi ba, zai ba ka 7.15, ka ninka biyu ka sami 14.3 mg/L. Kada ka rubuta. Ba ka da shaidar cewa layin yana miƙe a can. Absobans 1 yana nufin kashi 10 cikin ɗari na hasken ne kawai ya wuce, absobans 2 kuwa kashi 1. Idan hasken da ke wucewa ya yi ƙaranci haka, ɗan ɓataccen hasken da ke yawo cikin na'ura ya isa ya sa ta karanta ƙasa da gaskiya. Ga kuma fenantirolin: mililita 5 da muka zuba ba zai iya ɗaukar abin da ya wuce kusan 9 mg/L a filas ba, kuma tun kafin a kai nan ya fara ƙaranci. Dalilan biyu duk ƙasa suke jan amsa.

Maganin shi ne ka koma kwalbar asali ka ɗebi kaɗan, mililita 5 a filas mai 50, ka sake zuba magunguna daga farko. Kada ka tsarma ruwan da ya riga ya yi launi, domin idan maganin ne ya gaza, ƙarfen da bai samu ba yana nan ba launi. A ce sabon ya karanta 0.318 bayan an cire na gurɓata. (0.318 − 0.0028) / 0.1982 ya ba da 1.59, sau 10 ya zama 15.9 mg/L. Tsallake iyaka da ya ci maka kashi goma cikin ɗari.

Ƙasan layin ma yana da nasa haɗarin. Ruwan da ya karanta 0.020 lissafi zai ce 0.087 mg/L ne a filas, amma kuskuren 0.003 da ba ya damun kowa a 0.329 ya zama kusan kashi ɗaya cikin shida a nan. Idan aikinka shi ne ka ce ruwa ya wuce 0.3 ko bai wuce ba, jerin 0.5 zuwa 4 ba naka ba ne. Haɗa sitanda daga 0.05 zuwa 1, ka ɗebi ruwa mililita 35 maimakon 25, in akwai kubet mai santimita 5 ka yi amfani da shi, zai ninka maka karatun sau biyar.

Gwaji biyu na tabbatarwa

Idan uwar sitanda ce aka auna ba daidai ba, duk ɗigogin za su yi kuskure tare, layin ya fito miƙe sambal, R² ya yi ta murmushi. Hanyar kama wannan ita ce wani ya auna gishiri daban, ya haɗa 2.0 mg/L, ka karanta shi kamar baƙon ruwa. Ya kamata layinka ya mayar maka da 1.9 zuwa 2.1.

Na biyu yana gwada ruwan rijiyar ne. Sitanda a tataccen ruwa aka haɗa su, ruwan rijiya kuwa yana tafe da tarkacensa, kuma abubuwa irin su tagulla, zinki da wasu nau'o'in fosfet suna iya cinye fenantirolin ko su riƙe ƙarfen. Ɗebi mililita 25 na ruwan, ƙara masa mililita 5 na ruwan aiki, ka bi duk matakan. Ka ƙara 1.00 mg/L ke nan a filas, don haka absobans ya kamata ya tashi da kusan 0.198, daga 0.329 zuwa wajen 0.527. In ka ga 0.520, ka dawo da kashi 96 cikin ɗari na abin da ka zuba, amsarka tana tsaye. In ka ga 0.46, kashi biyu cikin uku kawai ya dawo. Fara da tsoma takardar pH a filas ɗin, don sau da yawa asid ɗin da aka zuba a bakin rijiya ne ya fi ƙarfin asitet. Idan pH yana daidai, ninka fenantirolin a sabon filas, ka yi wa bilan da sitanda haka su ma, ka sake karantawa.